An cire kuɗin, dila bai gani ba, banki kuma sai "ƙara haƙuri"

"Malam, ina da shagon kayan masarufi a babbar kasuwar Katsina. Na tura ma dilana na Singa ₦480,000, an cire a akawun ɗina amma shi bai gani ba. Sati uku kenan ina zarya a banki. Ina so in rubuta ma CBN cewa sun cinye mani kuɗi, ya zan yi?"

Alhaji, Allah ya fiddo maka haƙƙinka. Kana da damar kai ƙara sama, don ƙa'idar CBN ita ce ka fara kai ma bankinka koke ka ba su sati biyu, in ba su warware ba sai ka wuce sashen kare haƙƙin kwastoma ta cpd@cbn.gov.ng. Amma kafin nan, wannan zaryar da kake yi a rubuce ka kai koken ko da baki? In da baki ne to gobe ka koma da takarda kwafi biyu, su buga hatimi da kwanan wata a naka, su ba ka lambar koke, don ita ce shaidar cewa ka bi ta kansu, kuma in babu ita ana iya maido ka baya ka sake lissafin sati biyun.

Maganar "sun cinye" kuma don Allah cire ta. Kai abin da ka gani da idonka shi ne kuɗi sun fita, dila bai samu ba, inda suka maƙale ba ka sani ba, zai yiwu ma a bankin dilan suke. Da ka yi zargi sai maganar ta koma kan kawo hujjar sata wadda ba ka da ita, kuɗinka kuma suna can zaune.

Ga yadda za ka tsara shi: ranar kaza da ƙarfe kaza na tura ₦480,000 daga akawun kaza zuwa akawun kaza, ga Session ID, wato doguwar lambar nan ta jikin rasit. Ranar kaza na kai koke reshen kaza, ga lambar koken, an ce mani kaza, har yau kuɗin ba su dawo ba kuma ba su isa ba. Ina roƙon a maido su akawun ɗina.

Ka haɗa da rasit da sitatimen ɗinka, sannan ka roƙi dilan ya ba ka nashi tun daga ranar, wannan kam mutane na mantawa da shi alhali shi ke nuna kuɗin ba su shiga ba. Abin da ma'aikaci ya faɗa maka ka rubuta yadda ya faɗa, kar ka ƙara gishiri. PIN da OTP kuma kar su shiga takardar, babu mai buƙatarsu.