Sandar Maris ta gaza ta Afrilu: yadda ake gwada zane da jadawalinsa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ne sakataren wata ƙungiyar 'yan albasa a Sakkwato. A jadawalina na Excel buhunan da muka sayar daga Janairu zuwa Afrilu su ne 200, 220, 310 da 240, amma a zanen da na sa a PowerPoint sandar Maris ta gaza ta Afrilu. Yaya zan tabbatar da zanen kafin ranar taro?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam Sakatare. Kada ka auna sanduna da ido, sa zanen ya faɗi lambobinsa da kansa. Danna ɗaya daga cikin sandunan da maɓallin dama na linzami, ka zaɓi Add Data Labels, adadin kowane wata zai fito a kan sandarsa. Sai ka buɗe jadawalin a gefe, ka bi su wata bayan wata, sannan ka tara jimla: ta jadawali 970 ce, kuma idan zanen ya rubuta 180 a Maris, tasa za ta tsaya a 840, wato buhu 130 sun ɓace a gaban 'yan ƙungiya.

Abin da na fi zato shi ne ka gyara adadin Maris bayan ka kwafo zanen, domin zane ba ya bin jadawali sai idan an haɗa shi da fayil ɗinsa lokacin liƙawa. Danna zanen da maɓallin dama. Idan babu Edit Data a jerin da ya fito, to hoto ne kawai ka liƙa, ba shi da magani sai sake kwafowa. Idan ƙaramin jadawali ya buɗe ɗauke da tsohon adadi, zanen yana riƙe da kwafinsa na daban ne, a nan za ka gyara. Idan kuma haɗe yake da Excel, shiga Chart Design ka danna Refresh Data. Wannan haɗi yakan yanke idan an canza wa fayil suna ko mazauni, abin da ke yawan faruwa ga mai ɗaukar jawabinsa a filasha zuwa wata kwamfutar, saboda haka ka sake duba lambobin a kan na'urar da za a haska da ita.

Ko bayan lambobi sun daidaita, ka dubi ma'aunin da ke gefen hagu, domin ni shi ya fi damuna. A ce ya fara daga 180: sandar Janairu za ta tashi da 20, ta Fabrairu da 40, mai kallo ya ɗauka ciniki ya ninka, alhali ƙarin buhu 20 ne a kan 200, kashi 10 cikin 100. Shiga Format Axis, ka mayar da Minimum zuwa 0.