Bashin Albashi: Yadda Ake Bin Diddigin Jadawalin Biya da Kuɗin Ruwa

Tambaya: Assalamu alaikum. Na karɓi bashin naira 600,000 a bankin da albashina yake shiga, aka ce ruwa kashi 3 cikin 100 ne a wata, biya cikin wata 12. Abin da ya shigo asusuna 585,000 ne, kuma ana cire mini 68,000 duk wata. Abokin aikina ya karɓi daidai wannan kuɗi a wani banki, shi ma a kan kashi 3, amma 60,277 ake cire masa. Ga kuma adibas na 60,000 da na karɓa a wurin aiki, ana cire 20,000 a wata. Albashina 190,000 ne. Ta yaya zan gane ko cirar da ake yi mini daidai ce?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Lissafin da aka yi maka da wanda aka yi wa abokin aikinka duk suna iya zama daidai a kan takarda, domin kalmar "kashi 3 a wata" ba ta faɗi komai ba sai an san a kan wane kuɗi ake ɗora kashi 3 ɗin. Hanyoyi biyu ake bi, kuma lambobin da ka kawo sun nuna cewa kowannenku an bi da shi ta hanya dabam.

A hanya ta farko, ana lissafa ruwa a kan uwar kuɗin da aka karɓa tun ranar farko, kuma ba ya raguwa ko da an biya rabin bashin. Kashi 3 na 600,000 shi ne 18,000, idan aka ninka shi sau 12 ya zama 216,000, a haɗa da uwar kuɗi ya zama 816,000, a raba gida 12 ya ba da 68,000. Wannan shi ne naka, ba ragi ba ƙari, kuma a takardar yarjejeniya za ka ga an rubuta shi da kalmar `flat`. A hanya ta biyu, wadda ake rubutawa `reducing balance`, ana ɗora ruwan ne a kan abin da ya rage ana binka kawai. A watan farko ruwan abokin aikinka shi ma 18,000 ne, saboda haka daga cikin 60,277 da aka cire masa, 42,277 ta tafi rage uwar kuɗi, saura ya koma 557,723. A wata na biyu kashi 3 na wannan sauran ake ɗauka, wato 16,732, sai 43,545 ta tafi ga uwar kuɗi. Haka ruwan zai yi ta sauka har zuwa watan ƙarshe, kuma idan ya gama biya, jimillar ruwan da ya bayar ba za ta wuce kimanin 123,300 ba. Tsakaninku ke nan akwai tazarar fiye da naira 92,000 a kan bashi iri ɗaya.

Dalilin wannan tazara shi ne, kai kana biyan ruwa a kan kuɗin da ka riga ka mayar. A wata na goma sha biyu, lokacin da uwar kuɗin da ta rage a kanka 50,000 ce kacal, ruwan 600,000 cif ake karɓa a hannunka. Idan aka auna bashinka da ma'aunin da aka yi wa abokin aikinka, ruwanka ya ɗan haura kashi 5 cikin 100 a wata, idan kuma aka lura da cewa 585,000 ce ta shigo hannunka ba 600,000 ba, yana kai wa kimanin kashi 5.5. Wanda yake da Excel ko Google Sheets, ko da a waya ne, zai iya tabbatar da wannan da kansa:

```
=PMT(0.03,12,-600000)
=RATE(12,-68000,585000)
```

Layi na farko zai ba da 60,277, wato abin da ya kamata a riƙa cirewa idan ruwan a kan saura ake ɗora shi. Na biyu zai ba da kimanin 0.055, wanda shi ne ainihin ruwan da kake biya a wata. A ganina wannan layi na biyu ya fi duk wata lamba da ma'aikacin banki zai faɗa da baki amfani, domin abubuwa uku kawai yake tambaya, kuma dukkansu a bayyane suke: nawa ya shigo hannunka, nawa ake cirewa, kuma sau nawa.

Abin da za ka fara yi shi ne ka ɗauko takardar tayin bashi da ka sa wa hannu, ka duba wace hanya aka rubuta. Idan `flat` aka rubuta, to cirar 68,000 tana bisa yarjejeniya, sai dai bashin ya yi tsada. Idan kuwa an rubuta cewa a kan saura za a riƙa ɗora ruwa amma ana cire maka 68,000, to akwai ƙarin 7,723 da ake karɓa a wurinka kowane wata ba bisa ƙa'ida ba, kuma kana da damar neman a mayar maka da shi. Idan ta manhajar waya ka karɓi bashin kuma ba ka riƙe komai a rubuce ba, ka rubuta wa bankin ka nemi kwafin sharuɗɗan da jadawalin biya. Jadawali na gaskiya yana nuna ranar kowace cira, da abin da ya tafi ga ruwa, da abin da ya tafi ga uwar kuɗi, da sauran da ya rage bayan kowace cira. Takardar da ta nuna jimillar biyan wata kawai ba ta isa a yi bincike da ita ba.

Game da 15,000 da aka zaftare tun farko, ka nemi a fayyace maka ita gida-gida. Jagorar cajin kuɗaɗe ta Babban Bankin Najeriya da ta fara aiki a Janairun 2020 ta ƙayyade kuɗin kula da bashi a kan kashi 1 cikin 100 na uwar kuɗi, kuma sau ɗaya ake karɓarsa, wato 6,000 a naka lissafin. Sauran 9,000 yawanci kuɗin inshora ne da haraji a kan cajin. Idan inshora ce, ka san abin da ta ɗauke: mutuwa kaɗai ce, ko har da rasa aiki? Iyalai da yawa ba su san cewa irin wannan inshora tana iya sauke bashin mamaci ba, saboda shi kansa mai bashin bai taɓa tambaya ba.

Adibas ɗin wurin aiki kuwa hukuncinsa dabam ne. Sashe na 4 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya ce kada adibas ya wuce albashin wata guda, kada a cire shi daga albashi cikin ƙasa da wata uku, kuma an hana mai aiki, wato wanda ake yi wa aiki, ɗora ruwa ko wani caji makamancinsa a kai. Naka, 60,000 a raba gida uku, ya dace da wannan, saboda haka abin da za ka sa wa ido shi ne ya tsaya bayan cira ta uku. Sashe na 5 na dokar ya kuma ce jimillar abin da mai aiki zai cire daga albashi a wata guda kada ta wuce kashi ɗaya bisa uku, wanda a 190,000 ya kama kimanin 63,300. Amma kada ka gaggauta ɗora 88,000 da ake cire maka a kan wannan iyaka. Dokar tana magana ne a kan abin da mai aiki ya cire kafin albashi ya fito, kuma ma'anar "ma'aikaci" a cikinta ba ta haɗa da masu riƙe da muƙaman gudanarwa ko ƙwararru ba, waɗanda kwantiragin aikinsu ko ƙa'idojin aikin gwamnati ne ke ɗaure su. Cirar da banki yake yi daga asusunka bayan albashi ya shiga tana ƙarƙashin izinin da ka sa wa hannu ne. Duk da haka, 88,000 kusan rabin albashinka ce, kuma wannan ya isa dalilin da zai sa ka dakata da duk wani sabon bashi har adibas ɗin ya ƙare.

Inda aka fi samun matsala ba a lissafin ruwa ba ne, a wajen daidaita takardu ne. Ka ajiye takardu uku gefe da gefe: jadawalin biya, da takardar albashi ta kowane wata, da bayanan asusun bashin, wanda ya bambanta da na asusun albashinka kuma sai ka nema ake bayarwa. Ka bi wata-wata ka ga ko kowace cira ta bayyana a asusun bashin da adadinta da ranarta. Idan albashi ya makara har ranar biya ta wuce, banki yana iya ɗora tara, wadda waccan jagorar ta ƙayyade a kan kashi 1 cikin 100 a wata na kuɗin da ba a biya ba, ba na bashin gaba ɗaya ba, kuma wannan bambanci ya cancanci a duba shi da kyau. Ga waɗanda ake cire musu tun daga tushe, kamar ma'aikatan tarayya da ke kan tsarin biyan albashi na IPPIS ko masu bashin ƙungiyar gama-kai, akwai wata matsalar: kuɗi yana iya fita daga takardar albashi amma ya daɗe bai isa ga mai bin bashi ba, sai a rubuta mutum a matsayin wanda ya gaza biya alhali an cire masa. Alamarta ita ce saura a asusun bashi ya ƙi sauka ko da yake takardar albashi ta nuna cira. Haka nan cira ta goma sha uku tana faruwa idan ba a soke izinin cirewa ba, don haka ka rubuta watan da bashin zai ƙare, kuma da ya ƙare ka karɓi takardar shaidar cewa ba a binka komai.

Akwai tambaya guda da ya kamata ka yi tun yanzu, wato nawa za ka biya idan ka so rufe bashin kafin lokaci. Bayan cira shida, uwar kuɗin da ta rage a kanka 300,000 ce, amma cirar wata shida da ta rage ta kai 408,000. Wasu masu ba da bashi uwar kuɗin kawai suke karɓa tare da ɗan caji, wasu kuma sukan nemi duka, kuma abin da aka rubuta a yarjejeniya ne zai raba gardama. Wannan yana da muhimmanci musamman idan aka yi maka tayin ƙarin bashi a kan tsohon, domin daga cikin sabon ake biyan tsohon, kuma idan 408,000 aka cire maimakon 300,000, ka biya ruwan watannin da ba ka riƙe kuɗin ba, sannan a ɗora sabon ruwa a kansa.

Idan ka gano kuskure, ka kai ƙorafi a rubuce ga bankin, ka haɗa da kwafin takardun nan uku, ka karɓi lambar ƙorafi. Idan kwana 30 suka wuce ba a warware ba, kana iya ɗaukaka maganar zuwa Sashen Kare Haƙƙin Masu Hulɗa da Bankuna na Babban Banki. Kada ka mayar da albashinka wani banki don ka tsayar da cirar kafin a warware, domin tun watan Agustan 2020 tsarin GSI ya ba bankuna damar karɓar bashin da aka gaza biya daga sauran asusun da ke ɗauke da lambar BVN ɗinka, kuma sunanka zai shiga rahoton hukumomin tattara bayanan bashi a matsayin wanda ya ƙi biya. Ka ci gaba da biya bisa jadawali yayin da ƙorafin yake gaba, abin da aka karɓa fiye da ƙa'ida kuma ka nemi a mayar maka da shi ko a rage shi daga sauran bashin.