Wayata ta cika da hotunan amsoshi, yaya zan yi?

Tambaya: Malam, ina koyarwa a nan Birni, Damagaram. Idan na samu amsa mai amfani a ChatGPT nakan ɗauki hoton allon wayata. Yanzu waya ta cika, kuma duk lokacin da na koma neman tsohuwar amsa sai na sayi data. Mene ne mafita?

Amsa: Malama, ki daina ɗaukar hoto, ki riƙa kwafe rubutun kansa.

Amsa mai kalmomi 300 haruffanta ba su wuce 2,000 ba, nauyinta wajen kilobait 2 ke nan. Wannan amsar kuwa ba ta shiga hoto ɗaya, sai kin ɗauki kamar uku. Mu ƙaddara kowanne kilobait 400 ne, kin ga an haura mega ɗaya. Amsa ɗari a hoto za ta cinye mega 120, a rubuce kuwa ɗarin duka ba su kai nauyin hoto guda ba. Ga shi rubutu ana iya laluben kalma a cikinsa, hoto kuwa sai dai ki yi ta ja da yatsa har ki gaji.

Dalilin da data ke tafiya shi ne hirarrakin nan ba a cikin wayarki suke zaune ba, suna can wurin kamfanin, duk buɗewa sai an sake jawo su. Don haka ki kwafe tun amsar tana gabanki. A ƙarƙashinta akwai 'yar alamar takardu biyu, ko ki danne rubutun ki zaɓi Copier (Copy in wayar da Ingilishi take). Sai ki buɗe manhajar rubutu ta wayar ki danna Coller. Wannan bai cin ko dala.

Ni na fi son WhatsApp, tunda kullum a hannu yake. Ki buɗe hira da lambarki ta kanki ki zuba amsar can. Ko babu data za ta zauna da alamar agogo, kuma tana karantuwa. Amma ki fara sa mata kai, misali "darasin kasa lamba, aji huɗu", don ranar nema kalma ɗaya ta fito da ita. Ki haɗa da tambayar da kika yi, domin bayan wata biyu ba za ki tuna abin da aka amsa ba.

Inda ake yin asara shi ne ranar da aka goge WhatsApp don samun wuri, ko waya ta lalace. Saboda haka ƙarshen kowane wata ki shiga hirar, ki danna ɗigo ukun sama, Plus, sannan Exporter discussion, ki zaɓi ba tare da hotuna ba. Zai ba ki ƙaramin fayil, ki tura shi katin memori ko wayar 'yar'uwarki ta Bluetooth.

Tsofaffin hotunan kuwa, kar ki goge su sai kin nemo amsoshin da kike so kin kwafe. Bayan gogewa ki leƙa Corbeille ki share, in ba haka ba wurin ba zai dawo nan take ba.