Laftof ɗina ce kaɗai ba ta jan wayifai: eriya ce ko kati?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Kabuga. Muna da rawuta ɗaya a falo, wayata da laftof ɗin yayana suna kama wayifai sosai har cikin ɗakina, amma tawa laftof ɗin sanda ɗaya take nunawa, wani lokacin ma ta ɓace. Sai na zauna dab da rawutar take aiki. Ta hannu na saya, kuma da ba haka take ba. Wani ya ce in sauya Windows, wani ya ce katin wayifai ne ya mutu. Me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Kada ki sayi komai tukuna, kada kuma ki bari a goge miki Windows. Zargina ya fi karkata ga wayar eriya da ke cikin laftof ɗin, amma zargi ba hujja ba ne, kuma da kanki za ki iya gwadawa a gida kafin kowa ya ɗauki sukundireba.

Da yawa ba su san laftof tana da eriya ba, saboda ba a ganinta. Katin wayifai ɗan ƙarami ne, bai fi kan sarki biyu ba, yana ƙasa kusa da batir. Ita kuwa eriyar a yawancin laftof tana can sama, a bayan robar da ta zagaye sikirin, kusa da kyamara. Abin da ya haɗa su wasu siraran wayoyi ne guda biyu, galibi ɗaya baƙa ɗaya fara, kaurinsu bai wuce na tsinken tsintsiya ba. Daga kan katin suke tashi, su bi ta cikin hinji, wato gaɓar da murfin yake lanƙwasawa, su hau gefen sikirin. Duk buɗewa da rufewar da kike yi, wayoyin nan suna murɗewa a wannan gaɓa. Idan ɗaya ta tsinke ko ta fice daga kan katin, katin bai mutu ba, yana nan yana aiki, sai dai ya zama kamar rediyon da aka karya wa eriya: tashar da ke kusa za ta shigo, ta nesa sai shuuu. Shi ya sa zama dab da rawuta yake yi miki magani.

Sandunan nan na kusurwar sikirin ba abin dogaro ba ne, domin kowace na'ura da yadda take lissafa nata. Sanda uku a waya ba daidai take da sanda uku a laftof ba. Laftof ɗin yayanki ita ce ma'auninki na gaskiya. Ki ajiye su biyun a kan tebur ɗaya, murfinsu a buɗe daidai da juna, kowacce a jone da caja. A kowacce ki buɗe Command Prompt ki rubuta:

```
netsh wlan show interfaces
```

Layi biyu za ki duba: Signal, wanda zai ba ki ƙarfin sigina cikin ɗari, da Channel. Ki fara da Channel ɗin. Idan lambar tana tsakanin 1 da 13, na'urar tana kan zangon gigahaz 2.4 ne, idan kuwa 36 ce ko sama, tana kan gigahaz 5. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a gidajenmu na bulo da siminti, balle mai dakin da rodi. Zangon 5 ya fi sauri amma bango yana cinye shi da wuri, na 2.4 ya fi ratsawa. Na sha ganin mutum ya rantse laftof ɗinsa ta lalace, ashe ita ta maƙale a kan 5, wayarsa tana kan 2.4. Sai kin tabbatar duka biyun suna zango ɗaya sannan kwatancen zai yi ma'ana.

To sai ki auna sau biyu: a falo, kamar taku biyu daga rawutar, da kuma cikin ɗakinki. Ki rubuta lambobin huɗu a takarda.

Bari in ba ki misalin wata da aka kawo mini shago kwanakin baya, ta wani ɗalibi daga Gwammaja. Na ajiye ta gefen tawa. Kusa da rawuta tawa ta nuna 99, tasa 84. In da a nan na tsaya, da na ce masa lafiyarta ƙalau. Da muka koma bayan bango ɗaya, tawa ta sauka zuwa 78, tasa ta faɗo 24. Wannan tazara ta fi yadda ido yake gani. A lissafin Windows, 100 na nufin -50 dBm, wato ma'aunin ainihin ƙarfin sigina, sifili kuma -100 dBm, saboda haka ana kimantawa da haka:

```
dBm = (Signal / 2) - 100
```

Wato 78 ta zama -61, 24 kuma ta zama -88. Bambancin 27 ke nan. A wannan ma'auni, duk ragin 3 rabin ƙarfi ne ya tafi, ragin 10 kuma kashi ɗaya cikin goma ne ya rage. Ragin 27 na nufin abin da ke isa katinsa bai wuce kashi ɗaya cikin kusan 500 na abin da ke isa nawa ba. Bambancin 3 zuwa 6 tsakanin laftof biyu masu lafiya ba komai ba ne, kamfani da kamfani sun bambanta. Amma 20 zuwa sama, ba direba ba ne, wato manhajar da ke tafiyar da katin, ba saiti ba ne, galibi wani abu ne ya rabu a hanyar eriya.

Sai na yi gwaji na biyu, wanda ke ma za ki iya. Na riƙa kwantar da murfin a hankali, ina sake buga umarnin a kowane mataki, ina ɗan jira tsakani domin lambar ba ta sauyawa nan take. A tsaye 24, da na tura shi baya sai ga 61, na dawo da shi ta koma. Ɗan motsi na maki kaɗan al'ada ne, tunda eriyar ce take juyawa. Tsalle irin wannan kuwa waya ce da ta tsinke a hinji, tana taɓawa tana saki. Na tambaye shi ko an taɓa buɗe ta, ya ce wata uku da suka wuce sikirin ya fashe, aka sauya masa a wani shago. Da na buɗe, ga baƙar wayar nan an matse ta ƙarƙashin ƙarfen hinji, rigarta ta yage, siraran zaren ƙarfen ciki sun barbaje kamar bakin tsohuwar igiya. Wanda ya yi aikin bai mayar da ita cikin 'yar kwatarta ba, ya ɗaure noti a kanta. Abin yana ba ni takaici, domin minti biyu na kulawa ne da sun hana wannan.

Ke ma ki tuna: an taɓa sauya miki sikirin, ko gyaran hinji, ko ƙarin ma'adana, ko buɗewa don kakkaɓe ƙurar hunturu daga fanka? Ko ta taɓa faɗuwa? Idan matsalar ta fara bayan ɗaya daga cikin waɗannan, kin kusa samun amsarki. Akwai wata 'yar alama kuma. A yawancin laftof, bulutut a kan katin nan yake, kuma ɗaya daga cikin wayoyin biyu yake ara. Idan abin kunnenki na bulutut ya fara yankewa da zarar kin ɗan matsa daga laftof ɗin, wannan ma shaida ce a kan eriya.

Ciwon kati kamanninsa daban. Kati mai mutuwa bai cika damuwa da nisa ba. Za ki ga Signal tana 90, amma haɗin ya yanke haka kawai, ko alamar wayifai ta ɓace gaba ɗaya sai an kashe an kunna. Wani sai laftof ta ɗau zafi yake farawa, irin ranakun Afrilu da ba wuta ba fanka. Ki buɗe Device Manager, ki shiga Network adapters. Idan sunan katin yana ɓacewa yana dawowa, ko yana ɗauke da alamar gargaɗi ruwan ɗorawa da Code 10 ko Code 43, to kati ne ko direbansa. A nan ne sake direba daga shafin kamfanin laftof ɗin yake da amfani. Tunda kina wurin, ki danna sunan katin sau biyu, ki leƙa Advanced, in akwai Transmit Power ki tabbatar yana kan Highest. Wannan kyauta ne, amma kada ki sa rai zai cike giɓin maki 50.

Mutane suna son gwadawa da ɗan wayifai na USB, kuma gwaji ne mai kyau, sai dai a san iyakarsa. Shi da katinsa da eriyarsa yake zuwa. Idan ya kama da ƙarfi a ɗakinki, ya wanke rawuta ya wanke Windows, amma bai raba miki gardama tsakanin kati da eriya ba, tunda duka biyun ya tsallake.

Rabawar sai an buɗe, kuma in ba ki saba ba ki kai wa mai gyara, a Titin Beirut ko Fam Santa ba za ki rasa ba. Ki tsaya a kansa, ki ce a fara cire jonin batir. A duba kan katin: wayoyin suna ƙarewa ne da wasu 'yan maɓallai masu ruwan zinare, ana danna su kamar maɓallin rigar jariri, a wuraren da aka rubuta MAIN da AUX, ko 1 da 2. Sau da yawa ɗaya ce ta fice kawai, a daidaita ta a danna tsaye har ta ce ƙas, magana ta ƙare. A yi a hankali, domin in aka danna a karkace ƙoƙon da ke kan katin yana ɓarewa, shi ke nan an jawo sayen katin da ba shi da laifi. Idan duka suna zaune daram, a musanya su, baƙa ta koma wurin fara, a sake aunawa a daidai nisan ɗazu. Lamba ta sauya sosai, waya ɗaya ce ta mutu. Ba ta motsa ba, sai a ari kati mai lafiya a sa. In ya gyaru kati ne, in bai gyaru ba wayoyin biyu ne suka tafi.

Waya da ta tsinke ba a ɗaure ta da salatif ko a ɗiga mata dalma kamar wayar fitila. Waya ce a cikin waya, da zare a tsakiya da raga a kewaye, ƙulli yana zubar da siginar. Sauya ta ake yi ɗungurungum tare da eriyarta, kuma ana samu a jikin matattun laftof irin taki. A lura da girman maɓallin: tsofaffin katuna masu faɗi suna amfani da U.FL, sababbi sirara na M.2 suna amfani da MHF4 wanda ya fi ƙanƙanta, ɗaya ba ya hawa kan ɗaya.

In kuma ta tabbata kati ne, a karanta lambar da ke jikin tsohon kafin a sayo. Intel AX200 da AX201 kamar tagwaye suke a ido, amma AX201 sai a laftof ɗin da aka gina dominsa yake tashi. Wasu tsofaffin HP da Lenovo ma ba sa karɓar katin da ba ya cikin jerinsu. Kafin ki biya, ki sa mai gyaran ya kunna hosfot a wayarsa ya tafi da ita ƙofar shago, ki jona laftof ɗin da hosfot ɗin, ki buga umarnin nan, ki buɗe murfin ki rufe shi rabi sau uku kina kallon lambar.