Garkuwa ce ke gaya wa takobi inda zai bi

"Maigida, an ba ni aikin garkuwa shida na masu wasan takobi a Tudun Wada. Zagayayya zan yanka ko doguwa? Ni gani nake duk tare sara ne."

Duk tare sara ne? To sayi faifai ka riƙe mana. Ba zan tsaya koya maka jiƙa ƙirgi da ɗaure shi a rana ba, wanda bai iya wannan ba ya koma tallan goro. Abin da za ka fara tambaya shi ne makamin da ke hannun dama, domin shi da garkuwa tare ake auna su.

Ƙaramar zagayayya, irin kunkeli, mariƙinta ɗaya ne a tsakiya. Ita ake kaiwa wurin sara: ka miƙa hannu, ka tarbi takobin abokin karawa tun bai sauko da ƙarfinsa ba, ka karkatar da ita ya zame. Da yake nesa da jiki ake riƙe ta, faɗin kamu ɗaya yana rufe fiye da yadda ido ke zato, kuma takobinka yana da filin kewayawa sama da ƙasa. Shi ya sa ta dace da takobinmu, mai kaifi biyu da tsinin da bai cika tsini ba, wanda aikinsa sara ne. Aibinta ƙafa. Mai mashi ya nuna fuska, ka ɗaga, ya sauke a cinya. Maganin wannan sauya taku ne, kada ka bi mashin ƙasa da garkuwa ka bar kanka a fili.

Doguwa kuwa ba ta zuwa ko'ina, mutum ne ke motsi a bayanta. Ta rufe daga haɓa zuwa ƙasan gwiwa, sai ta bar maka ƙofa biyu kawai: gefen dama da saman baki. Mashi yana son haka. Ka riƙe shi sama da kafaɗa ka soka ƙasa ta saman baki, ko ka kwantar da shi a kwiɓi ya fita ta gefe. Takobin da ya dace da ita gajere ne, na suka. Sojan Rum garkuwarsa ta ɗan haura mita ɗaya, ruwan takobinsa kuwa santimita 50 zuwa 60. Zulu na zamanin Shaka ma haka: doguwar garkuwar fatar sa da gajeren mashi mai faɗin kai, su maƙalo bakin garkuwar abokin gaba da tasu, su fizge ta gefe, haƙarƙari ya buɗe. Kada ka kawo mini doguwar garkuwar Buzaye ta fatar warwaji a matsayin hujjar cewa doguwa na tafiya da takobin sara. Ba ta da nauyin katako, ga mashi a tare da ita.

Ga abin da ke faruwa idan aka haɗa su ba daidai ba. Wani shugaban masu wasa, ba zan kama sunansa ba, ya nace sai dogaye goma sha biyu, kowace ta kai goshi, wai sun fi cika ido. Takubbansu dogaye ne na sara. An gaya masa, ya ce kuɗinsa ne. Mai sara daga sama dole ya buɗe hammata ya fito da damtse waje, sannan takobin na saukowa sai ya ci karo da bakin garkuwarsa. Yaran suka koma kauda garkuwa hagu kafin kowane sara, wato kariyar ta tashi a daidai lokacin da ake bukatarta. Wuyan hannu kuma ya gaji, domin mariƙi ɗaya ba ya hana doguwa rinjaya idan an bugi samanta. Kafin Sallah ta wuce ya kwaso su, kowace ta tsage a kusurwar dama ta sama, ya ce fata ce ruɓaɓɓiya, ya riƙe rabin kuɗin. Har yau. Alhali tsagar kanta shaida ce: bakin yankan daga ciki ya faro, ta wajen mai riƙo. Saran abokin karawa a fuska yake sauka, kuma ba ya zaɓar kusurwa ɗaya a garkuwa goma sha biyu.

Naka shida ɗin, yanka zagayayyu, faɗin santimita 50 zuwa 55. Ƙirgi biyu, na baya ka juya shi ya gitta na gaba don kada ta kanannaɗe da ɗanshin damina. Kafin ka ɗinke mariƙi, ɗora ta a yatsa ka nemo inda ta tsaya daidai, nan ne wurinsa, ko da ya kauce wa tsakiyar da ka auna. Ka turo tsakiyar waje tun tana jiƙe, a kan ƙoƙo, don gaɓoɓin yatsu su sami wurin ɓuya. Ka naɗe bakin da tsirkiyar ɗanyar fata.

Ku yaran yanzu hoto kuke nuna wa mai aiki a waya ya zaɓa. Ce masa ya zo da takobin, ya riƙi garkuwar ya yi sara goma a gabanka. Idan sun nace sai doguwa, ka tsayar da ita a haɓa, ka ƙara maɗaurin damtse, ka karɓi kuɗinka duka kafin wuƙa ta taɓa fata.