Sikana zan saya, ko wayata ta isa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Daga wani ƙauye a ƙasar Ringim nake. Kakanmu ya bar gafaka uku na rubutun hannu, akwai waƙoƙin wa'azi na ajami a ciki. Ina ɗaukar hotonsu da waya, ƙanena da wani ɗalibin mahaifinmu suna juya su zuwa boko. Yanzu an juya da yawa, amma in aka yi gardama a kan baiti sai mu rasa takardar da ya fito. Na tara ɗan kuɗi. Sikana zan saya, ko me?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan kakanku, ya saka muku da alheri. Ka riƙe kuɗinka tukuna. Sikana za ta ƙara wa hoto kyau ne kawai, ba za ta gaya maka daga wace takarda baiti ya fito ba. Ga shi tana son wuta, kuma irin wadda ke jan takarda da kanta tana iya yaga tsohuwar takarda. Abin da za ka saya ƙarami ne: rajista mai kaurin bango, fensir mai laushi, da katin ajiya guda biyu. Sauran aikin tsari ne, kuma tsarin shi ne kowane rubutu da aka gama juyawa ya tafi da shaidarsa a jikinsa: daga wane shafi, yaushe aka ɗauki hoton, wa ya juya.

Mu fara da shafi, don nan ne wahalar take. Littattafan malamanmu ba a ɗinke suke ba, warwara ce, kuma galibi babu lamba. Abin da magabata suka dogara da shi shi ne kalmar nan da marubuci ke sawa a ƙasan bayan takarda, wadda ita ce farkon takardar da ke biye. Da ita za ka tabbatar da jeri, amma ba ta isa adireshi ba. Saboda haka ka ba kowace gafaka suna, G1, G2, G3, sannan ka ƙirga takardun a yadda ka same su, ko da kana ganin sun hargitse. Kada ka gyara jerin kafin ka ƙirga. Takarda guda lamba guda, fuskarta a, bayanta b, wato 14a da 14b. Haka ma'ajiyar rubuce-rubuce ke yi, kuma in wata rana ka kai aikin cibiyar adana tarihi ta Arewa House a Kaduna ko Jami'ar Bayero, wannan lambar za ta yi musu amfani. In iyali sun yarda, a rubuta lambar da fensir a kusurwar da babu rubutu. Biro kam a'a, tawadarsa tana ratsa takarda kuma ba ta gogewa.

Dabarar da na fi so ita ce ɗan guntun farar takarda. Ka rubuta G2 14b da kwanan wata a kai, ka ajiye shi a gefen shafin, ka ɗauka tare. Shaidar ta shiga cikin hoton ke nan, duk inda ya je da ita zai je.

Wannan ya kawo mu ga kwanan wata. Mutane na cewa ai waya tana rubuta ranar da kanta. Gaskiya ne, amma da zarar ka tura wa ƙanenka hoton ta WhatsApp a matsayin hoto, an matse shi, an cire bayanan da ke ɓoye a cikinsa, an kuma sauya masa suna. In ka ga suna mai kama da IMG-20250120-WA0007.jpg, to ranar da ke ciki ranar da ya iso wayar ce, ba ranar da aka ɗauka ba. Ka riƙa turawa ta Document, ka kuma sauya wa hoton suna da kanka tun a ranar.

Me ya sa ranar ta dame ni haka? Saboda takarda ba ta tsaya wuri ɗaya ba. Gara na ci, damina na jiƙawa, gefe na marmashewa. A ce ka ɗauki 14b da sanyin bana, baitin ƙarshe cikakke. Bayan damina ka sake ɗauka don na farkon ya yi duhu, alhali danshi ya riga ya cinye kalma biyu. Ƙanenka ya juya daga na farko, ɗalibin ya duba da na biyu, sai ya ce ƙanenka ya yi ƙari a waƙar. Magana ce mai nauyi, kuma kwanan wata kaɗai zai wanke shi. Don haka ba a goge tsohon hoto in an ɗauki sabo. Ka rubuta shekara, sai wata, sai rana, don hotunan su jeru da kansu kuma kada 03-04 ta rikita kowa. Na Hijira ka ƙara shi a rajista in kana so.

Sai mai juyawa. Wasu na jin nauyin sa suna, suna ganin kamar riya ce. Ka tuna musu cewa magabata da kansu sukan rufe littafi da tammat, su ambaci wanda ya kwafa, wani lokaci har da wanda aka kwafa wa. Juya ajami ba kwafi ba ne zalla, hukunci ne. Rufu'a guda tana ɗaukar u da o, kuma ba kowane marubuci ne ke bambanta k da ƙ ba, don haka abin da ƙanenka ya karanta kura, ɗalibin zai iya karanta shi ƙura ko kora. In ka gano ɗayansu yana da wani kuskure da yake maimaitawa, sunan ne zai nuna maka shafukan da za a sake dubawa, maimakon a kwance aikin gaba ɗaya. Wanda ya duba ma a sa sunansa, kuma kada mutum ya duba nasa.

Ga abin da zai hau saman kowane rubutu da aka gama:

```
Tushe: G2, takarda 14b, layi 1-12
Hoto: G2-014b-2025-01-18.jpg
Mai juyawa: cikakken suna, 2025-01-25
Mai dubawa: cikakken suna, 2025-02-02
Shakku: layi 7, kura ko kora
```

A cikin rubutun kansa za a sa shi, sannan a kwafe shi a rajista. Rajistar kaɗai ba ta wadatar ba, don rubutu yana yawo a wayoyin mutane, ita kuwa tana gida. In waƙa ta tsallaka daga 14b zuwa 15a, a sa lambar sabon shafin daidai inda aka tsallaka. Layin shakku kuma kada a bar shi fanko don kunya. Wanda ya ce ban tabbata ba a layi 7 ya fi mini wanda ya cika da zato.

Waɗanda kuka riga kuka juya, ku zauna ku uku da gafakar, a nemi baitin farko na kowace waƙa a takarda, a ba ta lamba. Inda ba ku tuna ranar hoto ko mai juyawa ba, ku rubuta ba a sani ba, kada ku ƙirƙira. Katin ajiya ɗaya ya zauna wurinka, ɗayan a gidan ƙanenka, ku riƙa sabunta shi duk ƙarshen wata.