Me ya sa ƙwallo ba ta wucewa ta ƙarƙashin teburina?

Tambaya: Na ƙera tebur a Blender na kai shi Unity, na sa masa Mesh Collider. In na kunna Convex, ƙwallo ba ta shiga ƙarƙashinsa. In na kashe, Rigidbody ya ƙi aiki. Ina mafita?

Amsa: Convex na yin aikinsa ne daidai, tebur ɗin ne bai dace da shi ba. Abin da yake yi kamar ka naɗe tebur da leda ne ka ja ta tamau. Ledar za ta taɓa saman da ƙasan ƙafafu, amma ba za ta lotsa ciki ba, sai sararin da ke tsakanin ƙafafun ya koma dunƙule guda. Da wannan bangon da ido ba ya gani ƙwallonka take karo. Irin wannan naɗi ya fi dacewa da abin da ba shi da rami, kamar dutse ko tukunya rufaffiya, kuma Unity ta ƙayyade shi ga alwatika 255.

Da ka kashe shi kuwa, abin da ya rage fata ce ta alwatikai, cikinta fanko. Injin ba ya yarda a haɗa irinta da Rigidbody mai motsi da kansa, sai in an kunna Is Kinematic. Shi ya sa irin wannan fata, ko kwafinta da aka rage wa alwatikai, amfaninta na ga abin da ke kafe, irin su matakala ko kogo.

Ni dai da akwatuna biyar zan yi tebur: ɗaya na saman, huɗu na ƙafafu. Ka cire Mesh Collider ɗin, ka buɗe ƙananan GameObject biyar a ƙarƙashin teburin, kowanne da Box Collider, Rigidbody kuma guda ɗaya tak a kan uwar. Injin zai ɗauke su jiki ɗaya, lissafinsu kuma ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Kar ka wahalar da kanka kan adon ƙafafun, ba ɗan wasan da zai lura.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne kauri. Unity na lissafin motsi duk daƙiƙa 0.02, in ba ka canza ba. Ƙaramin abu mai gudun mita 10 a daƙiƙa yana tsallake santimita 20 a kowane taki, saboda haka yana iya ratsa katakon da kaurinsa bai wuce santimita 3 ba kamar babu komai. Ka ƙara wa akwatin saman kauri ta ƙasa, fuskar sama ta tsaya daidai inda ido ke ganinta, in ba haka ba kofi zai riƙa shawagi a kan tebur. Abu mai gudun kuma ka mayar masa da Collision Detection zuwa Continuous Dynamic, shi teburin ka sa shi Continuous.

Kafin ka wuce, buɗe Physics Debugger ka tabbata tsakanin ƙafafun nan wayam yake.